Furfurar Maikuɗi

Tasalla tana sayar da daddawa a bakin tashar Birnin Gwari. Bagwariya ce, 'yar ƙauyen Kusasu. Shekara bakwai ke nan da mutanen daji suka ɗauke mijinta Maikuɗi a gonar dawarsa, kuma ba wanda ya kira ya nemi komai. Da ƙauyen ya watse ta dawo gari, ta kama ɗaki ɗaya a bayan gidana. Kwano ɗaya take wankewa.

Bara, wata Alhamis, Isah direba ya tsaya gaban tirenta.

"Mama, akwai wani tsoho a tashar Tegina. An ce daga daji ya fito, bai san sunansa ba, amma yana jin Gwaranci."

Ta kwance bakin zane ta ciro hoton da aka ɗauki Maikuɗi wata Kirsimeti. Isah ya duba ya girgiza kai.

"Wannan ai da sauran ƙarfinsa. Wancan kansa fari fat, har gemu. Ba zan iya cewa ba."

Jikinta bai kai ga doguwar tafiya a kan ƙila-wa-ƙala ba. Sai ta nufi shagon Blessing mai kitso, wadda ke nuna wa mata launin gashi a waya kafin su zaɓa.

"Ke ma ja za a yi miki, Mama? Wa ya taya?"

"Rufe min baki. Furfura nake so. Ba tawa ba."

Blessing ta ga hoton, ta daina dariya. Ta karɓi wayar Tasalla, wadda ɗanta ya aiko mata daga Kaduna, ta fita inuwar shago don kada haske ya ƙyalla a takardar, ta ɗauki hoton hoton. Sannan ta kunna data, ta shiga kasuwar manhajoji, ta sauko da wata ta canza launin gashi.

"Kyauta ce, sai dai talla. Kin ga tana neman izinin ganin hotunanki? Danna nan. Yanzu zaɓi na Baba. To, ga alamar gashi, ga launuka a jere a ƙasa. Masu ɗan kambi a kai kada ki taɓa, na saye ne. Taɓa mai ruwan toka."

Tasalla ta taɓa da ɗan yatsa mai warin daddawa. Wayar ta yi ɗan tunani. Sai ga hular Maikuɗi ta koma ruwan toka, gemunsa yana nan baƙi ƙirin.

Gashin kai manhajar take nema da kanta, shi kuwa mutumin ƙauye ba ya tsayawa gaban mai hoto ba hula. Wani hoton kuma babu.

"Sai mu yi da hannu," in ji Blessing. Ta nuna mata alamar gogewa, suka share launin daga hular. Ta nuna mata alamar burushi, da yadda ake buɗa yatsu biyu a kan gilashi hoto ya ƙara girma. "Ki rage kaurin burushin. Shafa a gemu, da nan gefen kunne inda gashi ya leƙo. In kin zarce, ki goge."

Wata mai son kitso ta shigo, Blessing ta koma aikinta. Tasalla ta zauna a benci tana shafawa. Ta zarce kan leɓe, ta goge. Ta zarce kan kunci, ta goge. Rabon da ta taɓa fuskar nan ita kaɗai ta sani.

Baƙin gashi ba ya karɓar fari da sauƙi, ya fito dishi-dishi kamar tokar murhu. Blessing ta leƙo da mataji a hannu.

"Ja wannan ɗigon zuwa dama, launin zai ƙara ƙarfi. Kada ki kai ƙarshe, zai zama kamar fenti."

Tasalla ta ja a hankali. Wani wuri a tsakiya ta tsaya. Ta ƙura wa fuskar ido.

"Babansa ke nan sak," ta ce.

Suka jira talla ta wuce, suka danna adanawa. Sabon hoton ya zauna kusa da tsohon, ba wanda ya ture wani. Blessing ta tura wa Isah.

Ran Asabar ya dawo. Bai sauka daga mota ba sai da fasinja suka watse.

"Na riƙe wayar kusa da fuskarsa, Mama. Har 'yan tasha suka taru. Hancin ba ɗaya ba ne, kuma wancan yana da tsage. Ki yi haƙuri."

"Yana cin abinci dai?"

"Ana ba shi."

Ta ƙulla daddawa biyar a leda ta ce ya kai wa mai dafa masa.

Bana, bayan an gama yankan dawa, na same ta a ƙofar ɗakinta da hantsi, wayar a cinya, tana shafa gemun nan da kanta.

"Malam, dubo min. Shekara guda ta ƙaru. Farin ya yi yawa?"

Na ce ta ɗan rage. Ta rage kaɗan, ta adana, ta ɗauki tire ta tafi tasha.