Daƙiƙa Uku Ba Ta Isa

Malama ta yanke mini shiruna, kuma ba ta tambaye ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Na haura arba'in kafin na riƙe alli. A ajin manya na Tibiri na koyi karatu, ƙarƙashin rumfar kara, kuma wadda ta koya mini sa'ar ɗiyata ce. Da na ƙware sai muka soma yi wa matan ajin bidiyon kacici-kacici muna turawa a wasap. Ni ke fitowa in ce ƙulunƙulufita, amma ba na faɗin tambayar da baki. Rubuce take fitowa, manyan haruffa, don dole mace ta karanta da kanta. Daga nan in yi shiru ina kallonsu, sannan amsa ta bayyana. Malama ke haɗa shi a wayarta, ta sa rubutun, ta datse abin da ya yi yawa. Da bidiyon ya bi gari har Dogon Dutsi, sai ta soma sa shi a tiktok.

Ranar kasuwa na haɗu da mai nono, matar wani makiyayi da ke zuwa ajinmu daga ruga ta wajen Gesheme. Ita ce mafi nawa a karatu, ita ce kuma ba ta taɓa fashi ba. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Yaya, ni na bar lakwal ɗinku, na daina zuwa aji."

"Don mi?"

"Jiya maƙwabciya ta nuna mana bidiyonki a bakin rijiya. Ina kan karanta sha, ban kai nu ba, sai ga amsa ta faɗo, tsintsiya. Tambayar wai shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya. Ni da aka haifa cikin shanu! Mata suka yi ta dariya, wai wata bakwai ina karatu tsintsiya ta kada ni."

Na ce ai da ta taɓa fuskar wayar, da ya tsaya. Ta harare ni.

"Wayar tawa ce? Hannuna da guga zan kai wa wayar mutane?"

Na karɓi wayar wata mai goro na duba. Shirun da na yi mai tsawo babu shi. An sa lambobi, uku, biyu, ɗaya, da ƙarar agogo.

Ko kayan miya ban saya ba na wuce gidan Malama. Tana wanki na same ta.

"Ina shiruna?"

Ta yi dariya. "Inna, ke ma ki zauna tukuna. Wancan shirun ai mutane sun ɗauka rezo ne, layin waya, ya ɗauke. Zo ki gani." Ta goge hannu ta buɗe mini wani zane a waya, layi ne da ya taho sama sai ya gangara kamar gefen dutse. "Nan kika yi shiru, nan mutane suka gudu. Duk masu irin wannan bidiyon daƙiƙa uku suke ba da, in sun yi yawa biyar. Kowa ya canka, amsa ta zo, a wuce."

"Masu gudun su wa ne?"

"Masu kallo mana."

"Ƴan lise ne, ƴan babbar makaranta da suka iya karatu tun suna tsotson yatsa. Don su muka fara?"

"Inna, in ba su tsaya ba, bidiyon ba ya tafiya ko'ina."

"Ɗiyata, ke kika koya mini, amma ba ki san abin da na sani ba. Ke kalma kike gani. Mu harafi muke ɗauka ɗaya ɗaya kamar tsintar wake, mu haɗa, mu maimaita a baki, sannan mu ji me aka ce. Kafin nan ba a ma fara tunanin amsa ba."

Ta koma kan wankinta tana murza riga. Gaskiya ita ma tana da tata: fuskar tsohuwa tsaye ba motsi, ko ni zan ce waya ta mutu. Daga baya ta ce, "To, nawa kike so? Ba ni lamba. Kuma ki samo abin da zai riƙe ido, ba ki tsaya kamar gunki ba."

Lamba ban da ita. Amma da yamma ina surfen hatsi sai na lura hannuna ƙirga yake yi da kansa. Taɓarya na motsi, tana da ƙara, ba wanda zai ce rezo ne. A sa tambayar a sama, ni ina daka a ƙasa, in na kai adadi in ɗaga taɓarya, amsa ta fito. Saura adadin, kuma ba ni zan yanke shi ba, ba Malama ba.

Washegari da sassafe na rubuta sabuwar tambaya a kwali da gawayi, na hau kabukabu zuwa ruga. Na tarar da mai nono ta gama tatsa. Na jawo turminta, na zuba hatsi, na miƙa mata kwalin.

"Karanta a hankali, kada ki yi sauri don ni. In kin gane amsa ki ce tsaya."

Ta sa yatsa a kan harafin farko, ni kuma na ɗaga taɓarya na soma ƙirga.