Ruwan Wankin Allo

Yayata tana matsar man gyaɗa a Cadawa tun ina ɗan lakol, wato makarantar boko. A bara wani mai kanti a Maraɗi ya ɗanɗana man, ya ce zai riƙa karɓa, amma ba ya ɗora kwalba tsirara a kantinsa, sai da takarda manne a jiki. Da yake ni ne malamin lakol na gidan, kome ya shafi takarda kaina yake faɗowa.

Na buɗe manhajar nan ta waya da ake gaya wa abu ta zana. Na ce ta yi mini kwalbar mai da ƙwaryar gyaɗa, ta rubuta "Man Gyaɗa Tsantsa" a sama. Hoton ya fito kamar ka miƙa hannu ka damƙi gyaɗar. Rubutun kuwa, Allah ya sawwaƙe. Kalmar farko ta karantu, sauran suka narke suka zama lanƙwashe-lanƙwashe da ɗige-ɗige. Na ce ta gyara, ta sauya ƙwaryar, ta ƙaro wani layin shirmen. Nan na fara zargin ba rubutu take yi ba, kamannin rubutu take zanawa.

Ina cikin tsaki Baba ya leƙo. Mahaifinmu bai yi boko ba, amma ajami a hannunsa kamar ruwa. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa.

"Mi anka rubuta nan?"

"Ba kome, Baba. Shirmen na'ura ne."

"Ga lam, ga abin da ya yi kama da ha. Kai ka ce ba komi?"

Na duba. Da gaske lanƙwasar ta ɗauko hanyar Larabci. Baba mutum ne da ba ya wuce takarda a ƙasa sai ya ɗaga ya duba. Ya ce kwalba in mai ya ƙare juji take zuwa, awaki su taka. In akwai sunan Allah a ciki, takardar nan ba za ta fita daga gidansa ba. Yaya ta kalle ni, ta kalli jarkokin man da ta kwana uku tana matsa. Tausayinta ya kama ni.

Baba ya ɗauko alƙalami da tawada, ya kwafe shirmen a takarda, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Ya karanta daga dama, ya gwada daga hagu, ya juya takardar. Ni kaina na matso, don na so in ji ko wani abu zai fito. Babu abin da ya fito, amma bai saki ba.

Sai na ce ya zauna ya ga yadda zan cire shi. Na kai hoton wata manhajar gyaran hoto, na shafa yatsa a kan rubutun har jan launi ya rufe shi, ban taɓa kwalbar ba. Na danna, jan ya ɓace, wurin ya cike da launin rawayan da ke kewaye. Wata 'yar wutsiya ta rage a gefe, na sake rufe ta. Sannan na buga kalmomin da hannuna. Salon haruffan farko ba shi da ɗ mai ƙugiya, ya ba ni akwati a madadinsa, sai da na gwada na uku. Na daidaita girma, na adana sabon hoto.

"To ina na ƙarƙashin?" in ji Baba.

"Babu shi. An maye gurbinsa."

"In anka wanke allo, ruwan ana sha, ko a zuba wuri mai tsarki. Kai ina ka zuba naka?"

Shekara nawa ina goge allon lakol, ban taɓa tambayar kaina haka ba. Na gaya masa abin da na sani: a sabon hoton babu ko ɗigonsa, amma tsohon hoton yana nan cikin wayar.

"Bar shi nan," ya ce. "Waya ba ta zuwa juji."

Ban yi gardama ba. Na hau babur na bugo guda ɗaya wurin mai fotokofi. Baba ya fita tsakar gida, ya ɗaga takardar saitin rana, ya daɗe yana neman inuwar tsohon rubutun. Ya kankare gefen da farce. Fari ne kawai a ƙasa.

Ya miƙa wa Yaya. "Amshi, ɗiyata. Allah shi kawo kasuwa."

Ta karɓa da hannu biyu. Ita ma ba ta yi boko ba, ta sa na nuna mata kalmar da ta ce "tsantsa", ta ɗora yatsa a kai tana murmushi.

Takardar da Baba ya kwafe kuwa, ninke ta ya yi, ya soke a rufin zaure inda yake ajiye yagaggun warƙoƙin Alƙur'ani. Na sauya waya tun daga lokacin, na zubar da hotuna da yawa. Tsohon hoton nan kuwa ya biyo ni sabuwar wayar, duk sanda yatsana ya kai kansa, sai in wuce ban goge ba.