Jawabina da Rigunan da Ba Su Isa Ba

'Yar ƙanwata ce ta buɗe makarantar nazare a Ikara, a wani gida mai ɗakuna huɗu da bishiyar mangwaro a tsakiya. Da ɗalibanta na farko suka kai ƙarshen aji, sai ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta tambayi damina, sannan ta ce, "Kawu, kai za ka yi mana jawabi ranar bikin yaye yara."

Na ce, "Yaye kuma? Waɗanda ba su daɗe da barin nono ba, za a sake yaye su?"

Ta yi dariya, amma ba ta tashi ba. Ta ce abin ba wasa ba ne a wurinta. Tana so ta buɗe aji ɗaya na firamare bayan hutu, kuma a ranar bikin iyaye za su yanke shawara, ko su bar mata 'ya'yansu ko su kwashe su zuwa wata makaranta. In sun kwashe, malamai biyu da ta yi wa alkawarin aiki sai su koma gida, ita kuma ta ci gaba da rainon 'yan shekara uku har abada.

Na karɓa. Shekarun da na yi ina aikin tafinta sun sa na sha jawabai har na ƙoshi. A Yamai na ga wanda ya yi Faransanci har shayi ya huce sau biyu. A Khartum na fassara wa wani da gaisuwarsa kaɗai ta cinye rabin taro. Don haka na ɗauki wa kaina ƙa'ida: a gaida manya, a gode wa iyaye, a yabi yara, a yi addu'a, a zauna. Na tsara nawa bai kai tsawon alwala ba. Na karanta wa mai ɗakina, ta ce, "To ai ko sallama ba ka gama ba."

Ranar ta zo a watan Yuli, da hantsi, gari ya yi luf da hadari. An kafa kanofi biyu, maza a ɗaya, mata a ɗaya, yara a kan ƙananan benci a gaba. Iyaye maza da yawa daga gona suka biyo, babura jingine a jikin katanga da laka a tayoyinsu. Akwai waɗanda suka taho daga ƙauyukan wajen Malikanchi, suka bar zuba taki a masara, abin da manomi ba ya yi sai da dalili. Aka yi addu'a, wani yaro ya karanta gajeriyar sura, aka yi taken ƙasa, kowa da muryarsa da inda ya tsaya.

Ina zaune a babban tebur sai 'yar ƙanwar tawa ta sunkuyo kamar za ta gyara mini ruwa. Fuskarta ta jiƙe da gumi.

"Kawu, akwai matsala. Rigunan gawun da muka yi haya daga Zariya, rabi direba ya kawo. Wai wata makaranta ba ta mayar da sauran ba."

Gawun ɗin nan ita ce doguwar rigar da masu gama jami'a ke sawa, da hula mai faɗi mai tuntu, sai dai an ɗinka ta daidai ɗan shekara biyar. Iyaye kuwa ba don satifiket suka zo ba. Don hoton ɗansu cikin rigar nan suka zo, wanda za a rataye a ɗaki kusa da kalanda.

"To yanzu fa?"

"Mun raba su kashi biyu. Na farko za su fito su karɓi satifiket, a yi musu hoto, su koma bayan aji. Sai ka tashi ka yi jawabi, mu kuma mu tuɓe musu mu saka wa na biyu. Kar kowa ya gane. Ka ja shi, Kawu. Kar ka zauna sai ka ga na leƙo ta taga na ɗaga mayafi."

"Ni? Ke kin san ba na dogon jawabi."

"Yau dai ka yi, don Allah."

Kashin farko suka fito a jere, riguna na jan ƙasa, huluna na zamewa kan hanci. Mata suka yi ta guɗa. Mai hoto ya tsugunna yana cewa a ce "shinkafa" don haƙora su fito. Suka shige bayan aji. Mai gabatarwa, wani matashin malami mai sabon takalmi, ya kira ni da sarautun da ban taɓa riƙewa ba, ya miƙo mini makirfo, ya raɗa mini, "Baba, a ɗan sa Turanci, iyaye suna son su ji."

Na yi masa jimla ɗaya da Turanci, aka tafa. Na yi wata da Larabci, liman ya gyaɗa kai. Sannan na koma Hausa na shiga gaisuwa. Ni da na raina mutumin Khartum, ranar na nemi gafararsa a zuci. Na gaida wakilin dagaci da iyalinsa. Na gaida liman da na'ibinsa. Na gaida shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, na tambayi ƙafarsa daga inda nake tsaye, ya amsa daga inda yake zaune. Na juya wajen matan Fulani da ke ƙarshen kanofi na gode musu da Fulatanci, suka rufe baki suna dariyar yadda harshena ya tsufa. Na dubi taga. Babu mayafi.

Sai na shiga godiya ga iyaye. A takardata layi biyu ne. Dole na warware shi, kuma da na warware sai na tarar akwai abin faɗi. Na gode wa uwar da ke tashi ta wanke yunifom guda ɗaya da yamma, ta shanya a kan igiya, in damina ta hana shi bushewa ta gasa shi a gefen murhu. Na gode wa uban da ke ɗora yara uku a babur, ɗaya a kan tanki, ya sauke su kafin ya wuce gona. Na gode wa kakar da ke ƙulla ƙosai a leda. Na gode wa wadda ba ta taɓa shiga aji ba amma take zaunar da ɗanta ya yi aikin gida, tana duba littafin tana cewa "gyara nan," ko da ba ta san me ke ciki ba. Nan wata daga cikin mata ta ce da ƙarfi, "Wa ya gaya masa?" Kanofi ya ɗauki dariya.

Taga shiru. Sai dai daga bayan aji na fara jin wani ƙara, irin na akuyar da aka kama za a kai kasuwa.

Na ɗaga murya na shiga yabon yara. Na ce ni na ga bikin gama jami'a a ƙasashe uku, ban ga wanda ya yi aikin da waɗannan suka yi ba. Mai digiri ya shiga makaranta ya riga ya iya riƙe biro. Waɗannan kuwa sun zo suna riƙe fensir kamar muciya. Yau suna rubuta sunansu, ko da wani harafin ya juya baya. Sun zo suna kuka a bakin ƙofa, suna riƙe da zanen uwa. Yau su ke jan uwar su ce an makara. Sun koyi ɗaga hannu su ce, "Anti, zan zaga," kafin abin ya faru, ba bayan ya faru ba. Sun koyi wane takalmi ne na wace ƙafa. Na ce a cikin manyan da ke zaune a nan akwai waɗanda har yau ba su iya bin layi ba, maza suka fara nuna juna da baki.

Ina cikin wannan sai ga wani ɗan ƙaramin yaro ya faso daga bayan aji a guje, gawun a jikinsa, ya damƙe wuyanta da hannu biyu, wata malama na biye da shi da fil a baki. Ya zagaye mangwaro, ya shige ƙarƙashin babban tebur, ya rungume ƙafata mai ciwo.

"Ba zan cire ba! Tawa ce! An ce a ba wata!"

Makirfo yana hannuna, a kunne. Kowa ya ji.

Daga bayan aji sauran yaran suka leƙo, wasu da riga, wasu da hula kawai, wasu da yunifom zalla da hawaye. Wani uba daga baya ya miƙe ya ce, "Malama, ina rigar 'yata?" 'Yar ƙanwata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, mayafin da nake jira a hannunta.

Na ga ɓoyo ya ƙare, sai na faɗi gaskiya. Na ce rigunan rabi suka iso daga Zariya, Malama ta ji kunyar ku ta sa ni in yi ta surutu, kuma kun ga dai na yi iyakar ƙoƙarina. Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba. Na ce a wata jami'a da na taɓa zuwa, ba a ɗaki ake saka wa mutum rigar ba, a gaban jama'a ake yafa masa, kuma wanda ya riga shi gamawa ne ke yafawa. Wannan gaskiya ne, ko da yake can farfesoshi ne masu furfura.

Na sunkuya ƙarƙashin tebur na ce, "Kai, angon ƙauye, fito. Ka karɓi satifiket ko ba ka karɓa ba?"

"Na karɓa."

"To kai babba ne yanzu. Babba shi ke naɗa na baya. Ko in naɗa yarinyar da kaina, in kuma aure ta?"

Ya leƙo ya dube ni sama da ƙasa. "Kai tsoho ne. Ba ta son ka."

"To zo ka naɗa ta mu gani."

Ya fito. Aka kira yarinyar, 'yar wancan uban da ya miƙe. Yaron ya tuɓe rigar da kansa, kansa ya maƙale a wuyan rigar sai da malama ta ja, ya yafa mata a baibai, ya ɗora mata hula ya danna da tafin hannu kamar mai toshe tulu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Shi ke nan sauran suka fara rububi, kowa na neman wanda zai naɗa, har wanda ya rasa abokin naɗi ya fashe da sabon kuka. Mai gabatarwa ya farfaɗo, ya riƙa kiran su biyu-biyu. Mai hoto ya daina cewa "shinkafa", don babu bukata.

Ban rufe jawabin yadda na tsara ba. Yayyafi ne ya fara, liman ya yi addu'a a gurguje, aka shafa, aka ruga da lasifika cikin aji.

Muna fake a baranda sai uban yarinyar nan ya matso, hularsa a jiƙe. Ya gaishe ni, ya juya ga 'yar ƙanwata, fuska ba walwala.

"Malama, da kin faɗa mana tun farko, ai da ba mu cinye ki ba."

"Na yi kuskure, Baba. A yi haƙuri."

Ya dubi 'yarsa, wadda ta ƙi fakewa, tana tsalle cikin ruwa da rigar haya a baibai.

"Aji ɗayan nan da ake magana, yaushe za a fara rubuta suna? Akwai ta, akwai kuma ɗan wana."

Kafin ta amsa, wasu iyaye biyu suka matso su ji ranar.