Uku da Ɗigo Biyar

A duk ƙasar Kazaure, daga Roni har bakin boda, ba a haifi kwamfutar da ta taɓa gagarata ba. Haka nake faɗa a majalisa, har nakan ƙara da cewa idan na shiga ofis su da kansu suke kunnuwa don ladabi. Shi ya sa da taubashina, ɗan kawuna mai shagon hoto a Gwiwa, ya kira ni ranar kasuwarsu, ban ko tambayi mene ne ba na hau babur.

Na same shi yana gumi. An sake wa laftof ɗinsa windo a Kazaure, komai ya goge, har da manhajar da yake tsara katin shaida da ita. Ga shugabar ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa zaune a kan benci. Da la'asar za a zo tantance su, kowace da katinta, kuma ta riga ta gaya masa in bai gama ba za ta kwashe aikin ta kai wa mai hoton bakin tasha, ba kuma za ta dawo ba.

"Bawana, matsa," na ce masa. "Likita ya iso."

Na sa filashinsa mai ɗauke da manhajar, na danna. Manhajar ta fara shiga lafiya, sai ta tsaya cak. Wani akwati ya fito da Turanci, wai sai an sa wani abu mai suna dotnet, lamba uku da ɗigo biyar, kafin ta ci gaba. A ƙasa zaɓi biyu: a sauko da shi daga intanet, ko a tsallake. Na tsallake. Ta rufe kanta.

Na leƙa cikin kwamfutar, sai ga dotnet ɗin nan zaune, har huɗu da ɗigo takwas. Na ce, "To ke wace irin mara godiya ce? Kina da huɗu kina kukan uku?"

"Hajiya," na juya wajen shugabar, "wanda yake da tiya huɗu ai yana da uku ko?"

"Yana da su, Malam," ta ce. "Katin fa?"

Na danna ɗaya zaɓin, muka jona da wayar taubashina. Sabis ɗin shagon nan kuwa sai ka yi alwala ka dawo bai buɗe shafi ɗaya ba. Muka ɗauki laftof muka fita bayan masu awon gero, ni riƙe da ita kamar faranti, shi ya ɗaga waya sama. Koren layi ya ɗan motsa, ya tsaya, can kwamfutar ta ce ta kasa.

Sai na tuna ina da nawa filashin a aljihu, wanda na tara kayan aiki a ciki, kuma akwai uku da ɗigo biyar ɗin. Na yi dariyar da ta sa wani jaki ya waiwayo. Na sa filashin, na danna uku da ɗigo biyar ɗin. Akwatin ɗazu ne ya sake fitowa, kalma bisa kalma: ana buƙatar uku da ɗigo biyar.

"Me ta ce?" in ji taubashina.

"Wai kafin in sa shi, sai na sa shi."

"Kai ne ba ka ji Turancin ba ko ita ce ta zare?"

Wallahi a lokacin ban sani ba. Na karanta sau bakwai. Na kashe na kunna. Na cire batir na hura masa iska.

Da azahar ta gota, dole na kira wadda ta sa windon, wata 'yar Kudancin Kaduna mai shagon gyara a Kazaure. Ta ce huɗu daban, uku daban, tsohuwar manhaja nata take nema. Ta ce a sabon windo, na filashina ba ya shiga da kansa, sai dai ya tura ka wancan akwatin. Ko dai intanet mai ƙarfi, ko a ciro shi daga filashin da aka sa windon da shi, kuma wannan yana cikin durowarta.

"Oga, ku kawo ta mana."

Muka goya laftof a tsakaninmu sai Kazaure. Ta sa filashinta, ta rubuta layi ɗaya a wani baƙin allo, muka zuba ido lambobi suna hawa har ɗari. Manhaja ta shige sumul. Ban gama shan ruwan da ta ba ni ba.

Kafin mu koma Gwiwa an yi la'asar. Benci babu kowa. Mai shayin gefe ya ce tun fitarmu Hajiya ta ja matanta zuwa bakin tasha.

Taubashina ya zauna ya daɗe yana kallon manhajar da ta buɗe tsaf, babu abin yi da ita. Na ce masa ai ko banza ni na gano ciwon, ita magani kawai ta bayar.

Ya ɗago ya dube ni. "Da safe ita na yi niyyar kira," ya ce. "Lambarka ce a saman tata, yatsana ya zame."