Layin Ƙarshe na Yayata

Shekara shida yayata tana rubuta wa wata ƙungiyar iyayen masu sikila saƙonni a shafinsu na intanet, a wani matsattsen ofis mai fanka ɗaya. Shugabar ƙungiyar ta kafe cewa kowane rubutu ya ƙare da layi guda: "Kawo ɗanki a yi masa rajista yau!" Yaya ta bi, don ba ta son hayaniya.

Wata Talata ta rubuta wa iyayen da 'ya'yansu suka rasu, ta manna layin nan a ƙasa ba ta ko duba ba. Kafin azahar wata uwa ta amsa: "Wane ɗan? Shekaranjiya muka binne shi."

Yaya ba ta ci abinci ba ranar. Tun daga nan, kafin ta rufe rubutu sai ta tambayi kanta wa ke karantawa. Wadda ta fara jin sunan ciwon, takan ce mata ta karanta bayanin gwaji. Wadda ta riga ta shirya, ta ba ta lambar rajista.

Shugabar tana ta mita har gobe. Ta yi ta yi!

Masu rashi kuwa, Yaya takan rubuta musu: "Faɗa mana sunansa. Muna saurare."