Rufin Ajin da Aka Kware

Na yi kuskure, amma ba wanda ake jingina mini ba. Ban ci kuɗin kowa ba, kuma ba ni na hana kason wata-wata zuwa daga sama ba a shekarun da albashi ke yin watanni bai fito ba.

Lokacin ina ƙaramin akawu a ofishin ma'ajin ƙaramar hukumarmu. Da aka rantsar da sababbin kansiloli, aka ce in yi wa 'yan kwamitin kuɗi bayanin kasafi. Ni da ko sakandare da ƙyar na gama, sai na tsaya ina zuba musu Turanci don su san akwai ni. Wani dattijo cikinsu, manomin tumatir daga wajen Watari, ya ce, "Malam, rufin makarantarmu yana ciki?"

Na ce, "An ware."

Ya koma ƙauye ya kira gayya, suka kware tsohon kwanon ajin don ɗan kwangila ya tarar da aiki a shirye. Ɗan kwangila bai zo ba, damina ta zo. Aka fara cewa kansila ya cinye kuɗin rufi, har yara na yi masa waƙa.

A zama na gaba na nemi in sake bayanin da Hausa. Ma'aji ya ja ni gefe ya ce, "Kai, in suka gane, wa zai huta da tambaya?" Na ce ai sai su tambaya.

Na ce musu, "Amincewa da kasafi izini ne kawai. Kamar maigida ya ce bana kana iya kashe kuɗi kaza a huɗa, alhali bai sa maka komai a aljihu ba. Ranar da ka shirya da mai shanun huɗa, ka ɗaure kanka. A nan ofis sa hannu kan kwangila ke nan, sai a cire kuɗinta daga abin da ya rage na izinin. Ranar da ya gama huɗa, kashewa ta tabbata, sai mu rubuta ta bashi a kanmu ko ba mu biya ba. Biya shi ne ƙarshe, sai kuɗi sun shigo."

Dattijon ya ce, "To namu rufin yana wane mataki?"

"Na farko, Alhaji."

"Wato ko mai shanun ba a gani ba?"

Aka yi dariya, ban da shi. Ya juya ga ma'aji ya ce a karanto musu kwangilolin da aka sa wa hannu. Ma'aji ya harare ni, na harare shi.

Ranar Juma'a na hau babur zuwa ƙauyensu. Bayan an sallame na miƙe na ce, "Jama'a, kansilanku bai taɓa ko kwabo ba, don ba a taɓa sakin kuɗin ba. Ni na ce masa an ware, na bar shi a duhu saboda girman kai. Alhaji, ka yafe mini."