Hular Ulu a Bazara

Ɗan farina a tsakiyar bazara na haife shi, a gidanmu na Soron Ɗinki, inda na koma wankan jego. Shekarun nan kuwa ko fanka ba mu sani ba, sai mafici. Ɗakin da aka ba ni mai gadon ƙasa ne, ana zuba garwashi a ƙarƙashinsa don maijego ta gasa jiki. Taga ɗaya ce, ita ma Inna ta toshe ta da tsumma, wai kada iska ta shige ni.

Ni kuma ina ji da kaina, na yi makaranta, an koya mana saƙa. Tun cikin yana wata biyar na saƙa hula da riga da safa na ulu, irin na hoton wani littafin Turawa. Ban taɓa tambayar kaina wane irin gari jaririn hoton yake ba.

Ranar da ya kwana goma sha biyu, bayan azahar, na taɓa ƙafarsa na ji ta da ɗan sanyi. Sai na sa masa kayan nan duka, na naɗe shi da zani, na kwantar da shi kusa da ni. Ya yi ta barci, ina ta yaba haƙurinsa. Lokacin shan nono ya yi, ya wuce. Na ɗaga shi, ya kama da ƙyar ya saki.

Ana haka Goggo ta shigo, ƙanwar Baba, wadda take yi mini wanka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ashe gurasa muke gasawa ba a sanar da ita ba. Da ta dubi yaron sai dariyar ta ɗauke. Fuskarsa ta yi ja, numfashinsa sama-sama. Ta zura yatsu a ƙeyarsa, ta fito da su sharkaf da gumi.

Na ce ai ƙafarsa sanyi take.

“’Yar nan, ƙafar jariri ba ta faɗin gaskiya. Ƙeya ake taɓawa, ko ƙirji.”

Ta tuɓe shi tas, ta kai shi ɗakin Inna, wanda ba wuta, ga inuwar darbejiya. Ta shafe shi da ruwa mai ɗan ɗumi, tana yi masa fifita a hankali, ni kuwa ina ta salati. Can ya tsala kuka. Ban taɓa jin daɗin kuka irin na ranar ba. Ya kama nono kamar zai cinye ni.

Inna ta so ta yi gardama a kan iska, Goggo ta ce garwashin na maijego ne, shi yaron bai haifi kowa ba. Daga ranar a can yake barci, a rigingine, da ’yar riga ɗaya ta auduga, aka kuma cire tsumman tagar.

Hular na ajiye ta sai sanyi ya zo. Da ya zo, kan yaron ya fi ƙarfinta. Inna ce ta gaje ta, tana zuba carbinta a ciki.